Yadda Ake Sanin Yawan Kayan da Za a Saro da Ranar da Ya Kamata a Yi Oda

Tambaya biyu ce ke gaban mai shago a kan kowace haja: yaushe zan buga waya a turo min, kuma nawa zan ce a turo? Yawancinmu da ido muke amsa su. A leƙa sito, a ga kaya sun yi ƙasa, a ɗauki waya. To ido yana gaya maka abin da ya rage, amma ba ya gaya maka kwana nawa abin da ya ragen zai kai ka, ba ya kuma gaya maka kwana nawa sabbin kaya za su yi kafin su iso. Waɗannan kwanakin kuwa su ne lissafin gaba ɗaya. In ka san kwanakin da hajarka za ta yi kafin ta ƙare, ka san kwanakin da kake jiran mai turo maka, sauran aikin tarawa ne da ɗebewa.

Misali guda zan bi tun daga farko: shagon kayan masarufi a Samaru, yana sayar da taliya katan-katan ga masu tireda da masu abinci, yana kuma ɓalle katan ya sayar leda-leda. Wajen wani dila a Kasuwar Singa ta Kano yake sarowa. Alƙaluman da farashin duk na misali ne, kai sai ka sa naka. Taliya na ɗauka domin tana tafiya kullum kuma ba ta saurin lalacewa, amma hanyar ɗaya ce ga sukari, fulawa, man gyaɗa ko sabulu.

Mataki na farko: nawa ke fita a rana

Buɗe littafin shago ka ɗauko makonni 8 da suka wuce. Ƙasa da haka, mako guda mai zafi ko mai sanyi zai karkatar da lissafin. Fiye da wata uku kuma, ka fara haɗa kasuwar yau da kasuwar da ta riga ta wuce. Da katan za ka ƙirga, ba da naira ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, saboda haka kuɗin da ya shigo aljihun tebur yana iya ƙaruwa alhali katan ɗin da ke fita raguwa suke yi. Abin da aka sayar leda-leda a mayar da shi katan: leda 20 masu nauyin giram 500 ne a katan guda, ka ga leda 10 rabin katan ke nan. Abin da aka ɗauka bashi shi ma a sa shi, domin ya bar sito ko da kuɗinsa bai shigo ba.

Ga abin da littafin shagon namu ya nuna, mako bayan mako: 40, 44, 39, 30, 47, 42, 38, 44. Jimla katan 324.

Mai gaggawa zai raba 324 da kwana 56 ya wuce. Amma dubi mako na huɗu. Me ya sa ya faɗo 30? Ba masu saye ne suka ragu ba, taliyar ce ta yanke kwana 2, masu saye suka zo suka koma. Littafi abin da aka sayar yake rubutawa, ba abin da aka nema ba. In ka lissafa ranakun da babu kaya kamar ranakun da babu ciniki, adadinka zai fito ƙasa da gaskiya, odarka ta fito ƙarama, kaya su sake yankewa, lissafi na gaba ya ƙara yin ƙasa. Haka shago ke ƙanƙancewa a hankali mai shi yana cewa kasuwa ce ta mutu. Maganin shi ne a cire waɗannan ranaku daga cikin kwanakin da za a raba da su. Kwana 56 a ɗebe 2, saura 54. A raba 324 da 54, a samu katan 6 a rana. In shagonka ba ya buɗewa wata rana a mako, kada ka cire ta, domin jiran kaya ma da ita ake ƙirga shi. Ranar yankewar kaya kaɗai ake cirewa.

Akwai gyara na biyu, a ɗaya ɓangaren. In a cikin makonnin nan wani ya zo ya ɗebi katan 30 lokaci guda don biki ko rabon tallafi, cire shi kafin ka tara. Cinikin gaske ne, amma ba zai dawo kowane mako ba. Irin wannan mai sayen a ce masa ya riƙa faɗa da wuri, a saro masa nasa daban.

Wanda ba ya rubuta ciniki ma yana da hanya. Ƙirga abin da ke sito yau. Bayan mako biyu ka sake ƙirgawa. Abin da ka fara da shi, a tara da abin da ya shigo a tsakani, a ɗebe abin da ya rage, shi ne abin da ya fita. Sai dai wannan lissafin ya haɗa har da abin da ɓera ya ɓata da abin da ya bi ta bayan fage, saboda haka ka riƙe shi a matsayin mafari kawai. Kuma tun daga yau ka sa yaron shago ya riƙa jan layi a gefen littafi duk ranar da aka tambayi abu aka ce babu.

Mataki na biyu: kwanakin jira na gaskiya

Nan ne aka fi yaudarar kai. Tsakanin Kano da Zariya kimanin kilomita 150 ne, mota ta biyo ta Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari, awa biyu zuwa uku ta iso. Sai mai shago ya sa a ransa cewa kayan Kano na kwana ɗaya ne. Tafiyar mota ita ce mafi ƙanƙanta a cikin jiran. Jira yana farawa ne daga lokacin da ka yanke shawarar yin oda, ba ya ƙarewa sai kaya sun shiga sito an ƙirga su, ana iya miƙa wa mai saye.

Bi abin da ke faruwa a tsakani. Ka buga waya da hantsi, dila ya ce, "Alhaji, turo kuɗin, yau za a fitar." Kai kuma kuɗin bai cika ba sai masu bashi sun kawo da yamma. Ka yi tiransifa bayan la'asar, shi bai ga alat ba sai dare. Washegari 'yan dako su kai kaya wajen lodi, direba kuma ba zai tashi da kayanka kaɗai ba, sai motar ta cika. In ranar ta faɗa Juma'a, rabin yini ya tafi. Motar ta iso Kwangila da dare, a sauke, da safe ka nemi mai a-kori-kura ya kawo Samaru. Ka ga kwana 3 ko 4 sun tafi ba tare da kowa ya yi laifi ba. Ranar da dilan shi ma yake jiran tirela daga kamfani, sai abin ya kai mako.

Kada ka tambayi dila kwana nawa yake ɗauka, zai faɗa maka mafi kyawun ranarsa. Duba wayarka. Ranar da ka tura saƙon oda tana nan, ranar alat tana nan, ranar sauke kaya tana kan rasit ko a littafi. Ɗauko oda 6 na baya ka ƙirga kowace. Na shagon namu sun fito haka: kwana 3, 4, 3, 7, 4, 3. Jimla 24, a raba da 6, matsakaici kwana 4. Mafi tsawo kwana 7. Rubuta duka biyun, domin kowanne da aikinsa. Kuma kowane dila da nasa lissafin: wanda ke Sabon Gari a nan Zariya yini guda ne, na Kano kwanaki, wanda kayansa ke tasowa daga Legas ya fi haka nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: kayan ko-ta-kwana

In kana sayar da 6 a rana kuma jira kwana 4 ne, katan 24 za su fita tsakanin kiran waya da isowar kaya. Wanda ya bari sai sun rage 24 sannan ya kira, katan ɗinsa na ƙarshe zai fita ne a daidai ranar da mota ta iso, in komai ya tafi daidai. Amma matsakaici ba alƙawari ba ne. Oda ɗaya cikin shidan nan ta kai kwana 7, kuma ita ce ta jawo yankewar mako na huɗu. Saboda haka ake ajiye wani ƙari a ƙasa wanda ba a sa ran taɓawa sai ranar da abu ya saɓa.

Nawa ne ƙarin? Akwai lissafi mai sauƙi da ke ba ka iyakar sama. Ɗauki mafi yawan abin da ke fita a rana ka ninka da jira mafi tsawo, sannan ka ɗebe na yau da kullum. Mako mafi zafi ya ci katan 47, wato kusan 7 a rana. 7 sau 7, 49. A ɗebe 24, saura 25. Wannan shi ne abin da zai kare ka in ciniki ya yi zafi kuma mota ta makara a mako ɗaya.

Ni dai ban cika son a ɗauki wannan adadin kai tsaye ba, domin ya ɗauka cewa matsalolin biyu tare za su zo, kuma ba kasafai suke haɗuwa ba. Mu ce katan ₦18,000 ne. Katan 25 sun kwantar da ₦450,000 a sito, kuɗin da zai iya juyawa a sukari ko mai. Dubi alƙalumanka ka ga wanne ya fi yawo, ciniki ko jira. A shagon namu ciniki yana tsakanin 38 da 47, bai yi nisa da juna ba. Jira ne ya tashi daga 3 zuwa 7, ya ninka har da ɗoriya. To jiran ne abin tsoro, shi za a yi wa tanadi. Bambancin mafi tsawo da matsakaici kwana 3 ne, sau katan 6, katan 18. Da wannan za mu ci gaba.

Abu biyu ke sa a ɗaga shi ko a sauke shi. Na farko, me ke faruwa in an zo babu? Mai abincin da ta zo sayen taliya ba taliya kaɗai take ɗauka ba, da mai da magi da tumatirin gwangwani take haɗawa. In ta tarar babu taliya, duka za ta saya a maƙwabta, wataƙila ma ta zarce can. Haja irin wannan, mai jawo wasu, a matsa da ita kusa da 25. Na biyu, kana da mafita a kusa? In akwai wanda za ka iya ɗaukowa a wajensa a Sabon Gari cikin yini guda, ko da da ƙarin ₦400 a katan, to makarar kwana 3 za ta ci maka katan 18 sau ₦400, wato ₦7,200, sau ɗaya cikin oda shida. Mai irin wannan mafita yana iya sauke ko-ta-kwanarsa zuwa na kwana 2 hankali kwance. Sai dai a tuna, ranar da kaya suka yi wuya a Kano, galibi a Sabon Gari ma sun yi wuya.

Mataki na huɗu: layin kira

Tara abin da zai fita lokacin jira da na ko-ta-kwana: 24 da 18, katan 42. Duk ranar da abin da kake da shi ya sauko 42, ranar ake buga waya, ba gobe ba. A shagon nan 42 kayan mako guda ne cif, ya yi sauƙin riƙewa.

Kada adadin ya tsaya a littafi, a kai shi sito. Jera katan 42 a kusurwa guda, bakwai-bakwai layi 6, ko yadda wurinka ya ba da dama, a kan katako don kada danshin damina ya taso musu. Ja layi da alli a bango daidai tsayinsu, ko ka zagaye su da igiya. Sai ka ce wa yaron shago, "Duk ranar da hannunka ya kai ga na cikin igiyar nan, kira ni kafin ka ɗauka." Shi ba sai ya san lissafin ba. Idan sabbin kaya sun zo kuma, tsofaffin nan ne za a fito da su gaba a fara sayarwa, a cike kusurwar da sababbi. In ba haka ba, katan 18 ɗin ƙasa za su shekara a wurin har ƙwari su shiga ko ranar lalacewarsu ta ƙarato.

Mataki na biyar: nawa za a ce a turo

Kafin adadi sai an san tsakanin oda da oda. Kowace oda tana da kuɗin da ba ruwansa da yawan kaya: kuɗin motarka in kai kake zuwa, abinci, shatar a-kori-kura daga tasha, ga yinin da ka bar shago. Kuɗin dakon da ake biya a kan kowane katan ba ya cikin wannan, domin ko yaya ka raba odar shi ɗaya ne. Mu ce rabon da ya faɗa wa taliya daga wancan kuɗin ₦12,000 ne. In kowane mako kake oda, katan 42, kowanne ya ɗauki kimanin ₦286. In mako biyu-biyu ne, katan 84, ₦143. In mako huɗu ne, katan 168, kimanin ₦71. Daga mako ɗaya zuwa biyu ka rage ₦143 a katan. Daga biyu zuwa huɗu kuwa ₦72 kaɗai ka rage, amma kuɗin da za ka tura ya tashi daga ₦1,512,000 zuwa ₦3,024,000, ga wurin ajiya da za ka nema. Ribar tsawaitawa tana raguwa, nauyinta yana ƙaruwa. Shagon namu mako biyu ya zaɓa.

Yanzu ga inda ake yawan yin kuskure. Mutum ya ce, "Mako biyu nake so, a turo na kwana 14." Amma odar yau ba har ranar oda ta gaba za ta riƙe ka ba, har ranar da kayan oda ta gaba za su iso ne. Ka kira yau, ka sake kira bayan kwana 14, waɗancan kuma su iso bayan wasu kwana 4. Ka ga kwana 18 ne ke gabanka, ba 14 ba. Katan 6 sau 18, 108. A ƙara ko-ta-kwana 18, 126. Wannan shi ne cikon: ranar oda, abin da ke hannu da abin da ke hanya da abin da za ka ce a turo, jimlarsu ta kai 126.

Sai a shiga sito a ƙirga da hannu, kada a dogara da littafi. An ƙirga an samu 50. Amma 3 ruwa ya taɓa su ta wajen da kwano ke yoyo, ba za su sayu a katan ba. Wasu 5 kuma wata hajiya mai abinci ta biya kuɗinsu tun shekaranjiya, ajiya ce, ba naka ba ne. Naka na sayarwa 42 ne. Akwai kuma katan 10 da dila ya rage daga odar baya, ya tabbatar suna cikin lodin da ke tafe. 42 da 10, 52. A ɗebe 52 daga 126, saura 74. Katan 74 za a ce a turo.

Mu gwada mu gani ko ya tsaya. Cikin kwana 4 na jira za a sayar da 24, 42 su koma 18. Mota ta iso da 74 da 10, sito ya koma 102. Saura kwana 10 ranar oda ta gaba, a sayar da 60, saura 42, daidai kan layin alli. A kira, a jira kwana 4, kaya su iso ana da 18. In ciniki ya yi zafi aka taɓa igiya kafin kwana 14 su cika, ba a jiran ranar, kira ake yi, da wannan lissafin dai.

Kayan da ke hanya ɗin nan a kula da su. Mantawa da su ke sa a yi oda biyu a kan buƙata ɗaya, motoci biyu su iso a jere sito ya rasa masaka tsinke. Amma kada a lissafa alƙawarin baki. In dila ya ce "suna nan tafe" har sau biyu ba su zo ba, ɗauke su daga lissafi har sai ka ji daga bakin direba.

Mai aiki da Excel ko Google Sheets a waya yana iya jera kowace haja a layi guda: B na fita a rana, C tsakanin oda, D kwanakin jira, E yawan katan na ko-ta-kwana, F abin da aka ƙirga, G lalatattu da na ajiya, H na hanya, sai a rubuta wannan a I, ya fitar da adadin da za a ce a turo:

```
=MAX(0,ROUNDUP(B2*(C2+D2)+E2-(F2-G2+H2),0))
```

Inda makonni 8 na baya ke yin ƙarya

Duk abin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa kwana 18 masu zuwa za su yi kama da makonnin da suka wuce. A Zariya akwai lokutan da kowa ya san ba haka ba ne. Mai shago a Samaru ko Kongo cinikinsa yana tafiya ne da kalandar Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibai suka tafi hutu, masu abinci sun rage tukunya, masu tireda sun rage sari. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna wa 'yan kasuwar yankin iyakar wannan dogaro. Wanda ke Tudun Wada ko cikin Birni kuma ya fi jin azumi da sallah da watannin bukukuwa.

Gyaran ana yin sa ne a odar da kwanakinta suka shiga cikin sabon yanayin, ba bayan an shiga ba. Mu ce littafin bara ya nuna cewa lokacin hutu taliya tana saukowa zuwa kashi biyu cikin uku, wato daga 6 zuwa 4 a rana. Yau ranar oda ce, saura kwana 8 a gama jarrabawa. Cikin kwana 18 da ke gaba, 8 na cikakken ciniki ne, katan 48, sauran 10 na hutu ne, katan 40. Jimla 88. Ko-ta-kwana ma ya sauka, kwana 3 sau 4, katan 12. Ciko ya zama 100 maimakon 126. Da 52 ɗin nan a hannu da hanya, odar ta koma 48 maimakon 74. Bambancin katan 26 ne, ₦468,000 da za su kwanta tsawon hutu. Idan an kusa dawowa kuma sai a juya lissafin, a ɗaga tun ɗalibai ba su iso ba, a mayar da layin alli inda yake.

Daga littafin bara rabo ake ɗauka, ba adadi ba. In bara sukari ya ninka sau ɗaya da rabi a makon farko na azumi, ninka cinikinka na bana sau ɗaya da rabi, domin shagon bana ba na bara ba ne. Kuma a bi watan Musulunci wajen nemo shafin. An fara azumi ranar 23 ga Maris a 2023, 11 ga Maris a 2024, 1 ga Maris a 2025. Kowace shekara yana matsowa da kwana 10 zuwa 12, saboda haka wanda ya kwatanta Maris da Maris zai haɗa makonnin da ba su dace ba. Ƙarshen Sha'aban da jajibirin sallah kuma jira kansa yana tsawo, kowa na lodi a lokaci guda, motoci sun yi wuya. A irin wannan lokacin, jira mafi tsawo za ka sa a lissafi a madadin matsakaici.

In kuɗi bai kai ba, ko an yi tayin rangwame

Katan 74 sun kama ₦1,332,000, ga kuma sauran hajoji kowace da nata adadin. Sau da yawa jimlar takan fi abin da ke asusu. Kada a rage wa kowace haja kashi ɗaya. A raba abin da ke hannu na kowace da abin da ke fita a rana, a ga kwana nawa ya rage mata. Taliya 42 a raba da 6, kwana 7. Sabulun da ke da katan 30 yana fita 1 a rana, kwana 30 gare shi, ya jira oda ta gaba. Wadda kwanakinta ba su wuce jira da na ko-ta-kwana ba, ita ce farko. In har yanzu bai isa ba, gajarta tsakanin oda zuwa mako guda na ɗan lokaci: 6 sau 11, 66, da 18, 84, a ɗebe 52, katan 32 kawai. Za ka biya ƙarin kuɗin zirga-zirga, amma ko-ta-kwana bai taɓu ba.

Tayin rangwame kuma a auna shi da kwanaki. Dila ya ce, "Alhaji, cika 150 mana in sauke maka ₦200 a katan." Rangwamen ₦30,000 ne. Ƙarin katan 76 kuwa kusan kwana 13 ne na ciniki, kuma kuɗinsu ya haura naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Ga taliya mai fita 6 a rana, in akwai kuɗi a ajiye da busasshen sito, ana iya karɓa, sai a ɗaga oda ta gaba. Ga hajar da ke fita 1 a rana, ƙarin 76 wata biyu da rabi ne, kwantai ke nan. Haka ma saye don ana raɗe-raɗin farashi zai tashi: shawara ce daban, a rubuta ta daban, kada a cusa ta cikin 6 ɗin nan na kullum.

Yadda za ka gane lissafin ya kauce

Duk ranar da mota ta iso, kafin a sauke, a ƙirga abin da ya rage a rubuta a gefen rasit. Lissafi ya ce 18. In oda uku a jere ana samun 30 ko 35, ko dai ciniki ya ragu ko dila ya fi da sauri, sai a sake lissafa matakin farko da na biyu a sauke layin. In ana samun 5, 8, 3, kana cin ko-ta-kwana kowane zuwa, yankewa ta kusa, sai a duba wanne ya canja, fita ko jira. In kuwa wani zuwan 30 wani zuwan babu ko ɗaya, matsakaicin yana nan daidai, jiran ne ke tangal-tangal, kuma gyaransa yana wajen dila ko direba: a tsayar da rana guda ta lodi, a tura kuɗi kwana ɗaya kafin ta, ko a nemi dila na biyu. Farkon kowane wata a zubar da makonni 4 mafi tsufa daga lissafin a sa sababbin 4, haka ma oda 6 na jira, sabuwa ta shigo tsohuwa ta fita.